Tsakanin Kicin da Tebur: Yadda Ake Kashe Rigimar Kuku da Masu Sabis

Duk wanda ya taɓa shiga gidan abinci a Kano ko Kaduna ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya san yadda wuri ke cika cikin ƙiftawar ido. Teburan da suke wayam da ƙarfe ɗaya da rabi, kafin biyu da rabi babu masaka tsinke. Abin da mai cin abinci ke gani shi ne yaron sabis yana kai da komo da tire a hannu, yana ta ba da haƙuri. Abin da ba ya gani yana can bayan ƙofar kicin, inda yaron nan ke leƙa kai yana cewa, "Baba, don Allah tebur na bakwai fa, mutumin ya fara faɗa," kuku kuma ya juyo da ludayi a hannu ya ce, "Hannu nawa gare ni? Fita ka ba ni wuri!" Wani lokaci cacar bakin kan tsaya a nan. Wani lokaci takan kai ga zagi da gaba ta kwana da kwanaki, har wani ya ajiye aiki.

Masu gidajen abinci da yawa suna ɗora wannan a kan hali. Su ce kukun nan zafin rai gare shi, ko yaran yanzu ba su da kunya. Ni ban yarda nan matsalar take ba, domin za ka sallami kuku ka ɗauko wani mai sanyin hali, bayan wata ɗaya ka tarar shi ma yana ɗaga murya a daidai wannan lokaci, a daidai wannan ƙofa. Abin da ke haɗa su faɗa shi ne kowannensu rabin aikin yake gani. Mai sabis yana ganin fuskar kwastoma, yana jin ƙorafinsa, shi ake harara, amma bai san cewa kaskon suya ɗaya ne kuma akwai oda huɗu a gaban tasa ba. Kuku yana ganin wuta da tukwane da tarin takardu, amma bai san cewa mutanen tebur na bakwai sun zo da ƙaramin yaro mai kukan yunwa ba, ko kuma sun ce jirgi za su kama. Kowa na da gaskiyarsa, ba wanda ke da labarin ɗan'uwansa. Maganin abin kuwa yana wuri ɗaya, wato tagar da ake miƙo abinci daga kicin, da irin maganar da ke wucewa ta cikinta.

Baki ɗaya a bakin taga

A gidan abincin da ba a tsara ba, masu sabis biyar kowa na shiga kicin yana yi wa kuku magana kai tsaye. Wannan ya ce a sa masa kaza biyu, wancan ya ce ina kifinsa, na uku ya zo ya ɗauke farantin da aka zuba wa wani tebur saboda ya yi kama da nasa. Kuku ba zai iya riƙe muryoyi biyar a kansa yana kuma lura da mai a wuta ba. Wanda ya fi ɗaga murya, ko wanda ya fi shiri da kuku, shi ake fara sallama, sauran su ƙullace.

Manyan otal-otal na Turai sun daɗe da gano bakin zaren. Shahararren kukun nan Bafaranshe, Auguste Escoffier, wanda aka haifa a 1846 ya rasu a 1935, ya yi aikin girki a rundunar sojan Faransa lokacin yaƙinsu da Farusiya a 1870. Da ya karɓi kicin ɗin otal ɗin Savoy a Landan a 1890 tare da César Ritz, sai ya tsara aikin ƙungiya-ƙungiya: mai miya daban, mai gashi daban, mai kifi daban, kowa da wurin tsayuwarsa. A cikin wannan tsari, da ya bazu duniya, akwai mutum guda da ba ya girka komai. Aikinsa ya tsaya a bakin taga, ya karɓi oda daga masu sabis, ya kira ta da ƙarfi, ya duba kowane faranti kafin ya fita. Mu kira shi mai kiran oda.

Ba sai gidan abinci ya kai girman Savoy zai yi wannan ba. A wuri mai tebur goma sha biyar, manaja ne ya kamata ya bar kujerarsa ya tsaya a taga na awa biyun da ake rububi, ko a sa babban mai sabis, ko mataimakin kuku. Dokar guda ce: daga lokacin da aka fara cika, mai sabis ba ya yi wa kuku magana, kuku ba ya yi wa mai sabis magana, kowa ta bakin mai kiran oda zai bi. Aikinsa kamar na ɗan sanda mai ba da hannu ne a mararraba, ba shi ke tuƙi ba, amma shi ke cewa wa zai wuce yanzu, wa zai dakata. Don haka dole a zaɓi wanda ya san ɓangarorin biyu, ya san minti nawa kowane abinci ke ci a wuta, ya kuma san lambar kowane tebur ba tare da ya leƙa ba. Dole kuma mai gida ya faɗa a gaban kowa cewa a wannan lokaci maganarsa ce ta ƙarshe. In ba a yi haka ba, ranar farko kuku zai ce yaro ba zai ba shi umarni ba, shi ke nan tsari ya rushe.

Abu na biyu shi ne takarda. Odar baki ita ce uwar musu, domin in aka samu kuskure babu shaida: mai sabis ya rantse miyar kuka ya ce, kuku ya rantse kuɓewa ya ji. Takardar oda, ko da biro aka rubuta ta ko na'ura ce ta fitar, tana buƙatar lambar tebur, yawan mutane, sunan mai sabis, lokacin da aka karɓi odar, sannan abincin, kowanne a layinsa da adadinsa a gaba. Duk wani canji, kamar ban da yaji ko a raba miya daban, a rubuta shi a ƙarƙashin abincin da ya shafa, ba a ƙasan takarda ba inda ba za a san na wane faranti ba ne. Inda masu sabis ba su ƙware a rubutu ba, sai gida ya yanke gajerun alamomi da kowa zai haddace, a manna su a bango. Wannan yana da amfani ƙwarai a irin kicin ɗin Sabon Gari ko na Abuja, inda za ka tarar mai gashi Bahaushe ne, mai sakwara Bayarabiya, mai sabis kuma ya fi sakewa da Turancin buroka. Ana jera takardun a kan igiya ko ƙusa bisa yadda suka shigo, ta farko a hagu, kuma ba mai taɓa su sai mai kiran oda.

"To" ba amsa ba ce

A tarbiyyarmu, in babba ya yi magana, yaro ya ce "to". In yaro ya kawo saƙo, babba kan gyaɗa kai ko ya yi shiru, a ɗauka ya ji. Wannan ladabi ne mai kyau a zaure, amma a kicin yana jawo asara. Ga ƙarar injin markaɗe, ga janareta, ga mai yana tafasa, mutum zai ce "to" alhali rabin maganar ya ji. Abin da ake so shi ne wanda aka yi wa magana ya maimaita abin da ya ji. Mai kiran oda ya ce, "Sabuwar oda, tebur na bakwai: kifi ɗaya, kaza biyu da dankali." Mai gashi ya amsa, "Kifi ɗaya, na ji." Mai suya ya amsa, "Kaza biyu, dankali biyu, na ji." In mai suya ya ce "kaza uku", nan take za a gyara, kafin kaza ta shiga mai. Haka matuƙan jirgin sama ke yi da hasumiyar filin jirgi, sai sun maimaita umarnin da aka ba su kafin a ɗauka ya isa.

Wahalar wannan a wurinmu ta girma ce. Dattijon kuku da ya shekara ashirin a bakin murhu zai ji nauyi a ce ya riƙa maimaita maganar wanda bai kai ɗansa ba. Yaro ma zai ji kamar rashin kunya ne ya ɗaga murya ya kira oda a kan Baba. Mai gida ne zai warware wannan tun kafin ranar cika, ya zaunar da su ya bayyana cewa kiran oda ba umarni ba ne ga mutum, sanarwa ce ga kicin gaba ɗaya. Girmamawa kuma ba ta hana gajarta magana. "Baba, kifin tebur na bakwai, saura minti nawa?" tambaya ce mai ladabi, kuma tana da amsa. "Baba, har yanzu ba a gama ba?" ita ce ke tayar da jijiyar wuya, domin zargi ne aka yi masa kamar tambaya.

Daga nan sai maganar lokaci, wadda a ganina ta fi duk sauran haddasa ɓacin rai. Mai sabis ya tambaya, a ce masa "yanzu-yanzu" ko "ya kusa". Ya je ya faɗa wa kwastoma haka. Minti goma sha biyar su wuce, kwastoma ya ɗauke shi maƙaryaci, shi kuma ya dawo kicin da zafin da aka sauke masa. Amsa daga kicin dole ta zama adadi: minti huɗu, minti goma sha biyu. Kuma adadin gaskiya, ba wanda zai kori mai tambaya ba. Mutum mai jin yunwa zai iya haƙurin minti ashirin in an gaya masa ashirin ne tun farko. Abin da ba ya jurewa shi ne a ce masa biyar sau huɗu.

Tebur na bakwai, daki-daki

Mu ɗauki misali mu bi shi. Mutum biyar sun zauna a tebur na bakwai, mai sabis ya karɓi odarsu da ƙarfe 2:10. Ɗaya yana son gasasshen kifi, biyu suna son soyayyar kaza da dankalin Turawa, ɗaya dafa-dukan shinkafa, ɗaya tuwon shinkafa miyar taushe. A ɗauka a wannan gida kifi yana cin minti 25 a kan gawayi, dankali minti 10, kazar da aka riga aka tafasa minti 7 a mai. Shinkafa tana nan a dafe, tuwo an mulmula yana cikin kula, miya na kan wuta kaɗan-kaɗan, waɗannan zubawa kawai za a yi, minti 2.

In babu mai tsara fitar abinci, ga abin da zai faru. Mai zuba shinkafa ta ga takarda, ta zuba shinkafa da tuwo da 2:12 ta ajiye a taga. Mai suya ya gama kaza da dankali wajen 2:22. Kifi bai sauka ba sai 2:35. Mai sabis yana tsaka mai wuya: in ya kai abin da ya fito, mai kifi zai zauna yana kallon 'yan'uwansa suna ci har su wanke hannu. In ya jira, tuwo ya huce, mai ya kwanta a saman miya, dankali ya yi laushi. Ko wanne ya zaɓa, shi zai sha faɗa, kuma in farantin ya dawo kuku zai ce ai shi da zafi ya fitar.

Mai kiran oda yana lissafi ne daga baya. Abin da ya fi daɗewa shi ne kifi, don haka tebur zai fita da 2:35. Da takarda ta shigo sai ya kira kifi kaɗai a ɗora, sauran ya ce a dakata. Ya gaya wa mai sabis, "Tebur na bakwai, minti 25." Da 2:25 ya kira dankali, da 2:28 ya kira kaza. Wajen 2:31 ya tambayi mai gashi, "Kifin bakwai fa?" Mai gashi ya ce, "Minti huɗu." Da 2:33 ya ce a zuba shinkafa da tuwo. Faranti biyar su haɗu a taga lokaci guda, ya duba su da takarda a hannu, ya kira sunan mai sabis, ya ja layi a takardar ya rubuta lokacin fita.

Shi kuma mai sabis yana da nasa rabon aikin. Da aka ce masa minti 25, sai ya koma tebur tun ba a neme shi ba: "Ranka ya daɗe, kifin zai ɗauki kamar minti ashirin da biyar. A kawo duka tare, ko a fara kawo na sauran?" In suka ce a fara kawowa, sai ya dawo ya faɗa wa mai kiran oda, a canza lissafi. Zaɓin ya zama na kwastoma, ba wanda zai ce an yi masa ba daidai ba.

Yanzu a ce abin ya karkace, kamar yadda yakan yi ranar cika. Wayar gashi tana ɗaukar kifi shida ne, kuma ta cika, sai nan da minti 10 za a samu gurbi. Mai gashi ya san haka tun da aka kira odar. In ya amsa "na ji" ya yi shiru, to ya dasa rigimar da za ta tashi da 2:35. Abin da ake so ya ce shi ne, "Kifi ɗaya, na ji, amma waya a cike take, sai minti 35." Mai kiran oda ya sanar da mai sabis nan take, mai sabis ya je tebur da zaɓi a hannunsa: a jira minti 35, ko a canza zuwa kaza da za ta fito cikin minti 10. Kifin bai ƙara saurin gasuwa ba, amma labarin jinkirin ya isa tebur da 2:11, lokacin da mutum ke da damar sake shawara, maimakon ya isa bayan ya riga ya ƙule.

Akwai wani abu a wannan oda da ya wuce maganar ɓacin rai. A ce mai tuwo ya faɗa wa mai sabis cewa jikinsa ba ya karɓar gyaɗa. Ga wasu mutane wannan ba ƙaiƙayi kaɗai ba ne, ɗan kaɗan yana iya kumbura musu maƙogwaro ya toshe numfashi cikin mintuna. Miyar taushe kuwa da markaɗaɗɗiyar gyaɗa ake yin ta a yawancin gidaje, yajin tsire akwai ƙuli-ƙuli a ciki, ga kuma man gyaɗa da ake suya da shi. Mai sabis ba zai yi hasashe ya ce "ina jin babu" ba. Zai rubuta a takarda da manyan baƙaƙe, ya kuma faɗa wa mai kiran oda da baki, shi kuma ya tambayi wanda ya girka miyar da hannunsa. Ba a tsame gyaɗa daga miya, sai dai a canza miya, a kuma zuba da ludayi mai tsabta wanda bai shiga tukunyar taushe ba. Farantin nan mai kiran oda zai miƙa shi daban, ya ce, "Wannan ne marar gyaɗa," mai sabis ya maimaita. A nan ko kicin ya kai ƙololuwar cika, kuku ba shi da hurumin cewa an dame shi da tambaya.

Abin da ya ƙare, da farantin da ya dawo

Babu abin da ke kunyata mai sabis kamar ya karɓi oda, ya kawo ruwan wanke hannu, bayan minti goma ya dawo ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri, ashe farfesun ya ƙare." Kicin ya san farfesu na ƙarewa tun da ludayi ya fara taɓa gindin tukunya, ba wanda ya faɗa ne kawai. Gyaran yana farawa kafin a buɗe ƙofa. Minti goma kafin lokacin cika, kowa ya tsaya a taga, kuku ya faɗi abin da ke akwai da adadinsa: malmalar tuwo sittin, kifi goma sha takwas, farfesun kayan ciki kwano ashirin, yau babu sakwara. Manaja ya faɗi abin da ya sani daga waje, misali akwai mutum goma sha biyu da suka kama tebur ƙarfe biyu da rabi. A rubuta adadin abubuwan da ba su da yawa a allo kusa da taga. Idan abu ya rage saura biyar, a kira da ƙarfi, kowane mai sabis ya amsa. Daga nan duk wanda zai sayar da shi sai ya fara tambaya a taga a ajiye masa, don kada mutum uku su sayar da kifi biyun ƙarshe.

Farantin da aka dawo da shi ne ke taɓa zuciyar kuku, domin aikin hannunsa ne aka ƙi. Yadda mai sabis ya shigo da maganar shi ke yanke ko za a gyara cikin minti biyar ko za a yi minti biyar ana musu. "Abincinku ɗanye ne" faɗa ne. Abin da kicin ke buƙata shi ne tebur, abinci, abin da aka gani, da abin da kwastoma ke so: "Tebur na huɗu, kaza, akwai ja a jikin ƙashi, yana so a canza masa." Mai kiran oda ya karɓa, ya sa ta gaban layi, ya ba da minti. Ba a tambayar laifin wa a wannan lokaci, domin mutum na zaune yana jira, sauran takardu kuma ba su daina shigowa ba. A ajiye takardar gefe, in an watse a duba.

Dubawar nan ta bayan aiki ita ce ke nuna inda ciwon yake, kuma takardun oda su ne shaida. In ana rubuta lokaci uku a kowace takarda, wato lokacin da ta shigo, lokacin da abinci ya hau taga, da lokacin da aka ɗauka, to musu ya ragu ƙwarai. Idan tazarar farko ce ke da tsawo, jinkirin na kicin ne, sai a duba wane abinci ne ke maimaita kansa. Idan abinci na hawa taga a kan lokaci amma yana zama minti shida ko takwas kafin a ɗauka, to masu sabis ne suka yi kaɗan ko aka raba musu tebura ba daidai ba, kuma ƙorafin "abinci ya huce" ba na kuku ba ne. Zaman abinci a taga ba ɗanɗano kaɗai yake ɓatawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a riƙe dafaffen abinci da zafin da ya haura digiri 60 har a kai shi gaban mai ci, kada kuma ya wuce awa 2 a ajiye a zafin ɗaki. Wannan ya fi shafar shinkafa da miyar da aka sauke tun hantsi, da kuma odar tafi-da-gidanka da aka ƙulle aka ajiye ana jiran mai babur.

Akwai alama ta uku da takardun kan tona. Za ka ga takardu shida sun shigo kicin a minti ɗaya, alhali lokutan karɓarsu sun bambanta da minti goma. Ma'ana wani mai sabis ya zagaya teburansa duka yana tara oda a aljihu, sannan ya zo ya zube su gaba ɗaya. A wurinsa ya rage wa kansa zirga-zirga, amma ya toshe kicin, domin kaskon da zai iya sallamar oda shida a jere ba zai iya yin su a tare ba. Kowace oda ta shiga da zarar an karɓe ta. Haka nan idan mai kiran oda ya ga igiya ta cika, yana da ikon ya aika wa mai tarbar baƙi cewa a ɗan sassauta, a zaunar da sababbin zuwa a ba su ruwa ko zoɓo, a jinkirta karɓar odarsu minti biyar. Da azumi abin ya fi haka tsanani, tunda kowa minti ɗaya yake jira. Gidan da ya san aikinsa yakan rage jerin abincin buɗa-baki, ya karɓi oda tun kafin a kira sallah, ya jera dabino da kunu da ƙosai a tebur, sannan a fitar da abinci mai nauyi bayan an idar da magariba, tebur bayan tebur.

Inda magana ba ta isa ba

Ba zan ce wannan tsari yana maganin komai ba. In murhu biyu ne ake so su ciyar da mutum ɗari cikin awa ɗaya, ko gas ya ƙare tsakiyar aiki babu tukunyar canji, iya abin da kyakkyawar magana za ta yi shi ne ta sanar da kowa da wuri cewa an makara. Sayen kasko na biyu da ƙarin ma'aikaci aikin mai gida ne, kuma bai kamata ya ɓuya a bayan cewa yaransa ba sa jituwa ba.

Sai maganar kuɗi, wadda ba a cika son taɓawa ba. Ɗan ihsanin da kwastoma ke bari a tebur hannun mai sabis yake shiga, wanda ya wuni a bakin wuta ba ya ganin ko sisi. Kuku yana sane da haka duk lokacin da aka ce masa ya yi sauri saboda wani babban mutum. Ko za a raba, ko ba za a raba ba, a yanke a fili kowa ya san matsayinsa. Wanda ya fi wannan illa shi ne al'adar cire kuɗin duk farantin da aka yi kuskure daga albashin ma'aikaci. Mai sabis da ya san za a yanke masa kuɗin kaza ba zai zo taga ya ce "ni na rubuta ba daidai ba" ba, zai ce kicin ne. Kuku ma zai ce takardar ce ba ta karantuwa. Duk abin da aka gina a kan faɗin gaskiya da wuri, minti nawa ya rage, me ya ƙare, wa ya manta, yana rushewa ranar da faɗin gaskiyar ya zama asarar kuɗin cefanen mutum. Mai gidan da ke son a riƙa gaya masa kuskure tun yana ƙarami, sai ya ware wani abu a lissafinsa na wata don irin wannan asara, ya bar yankan albashi ga wanda aka yi wa gargaɗi a kan abu ɗaya sau da yawa bai gyara ba.